Katin memuwar na kamarar mota yana mutuwa duk wata huɗu, mi ke kawo haka?

"Salamu alaikum. Ni direba ne, ina jan Hiyas tsakanin Maraɗi da Damagaram. Na sa kamara gaba da baya, kuma ko na kashe mota da dare tana ci gaba da ɗauka. Cikin shekara guda na canza kati memuwar mai jiga 32 sau uku, kowane sai ya yi wata uku ko huɗu kamara ta kama ƙara tana rubuta Card Error. Kamarar ce ta lalace ko katin? Kuma ina son in sa wata kamarar a shagon ƙanena, wane kati zan saya?"

Wa alaikumus salam malam direba, Allah shi tsare hanya. Kamararka lafiya take, kusan ina da tabbas, don kamarar da ta lalace ba ta jiran wata uku kafin ta ƙi kati, tun ranar farko za ta ƙi shi. Katin ne ke ƙarewa, kuma kalmar da na zaɓa ke nan da gangan, ƙarewa yake kamar yadda taya ke cinyewa bisa gudurun. Ni aikina ke nan nan Maraɗi, sa kamarori a shaguna da gidaje da motoci, kuma abin da aka fi dawo mini da shi ba waya ba ce ba kamara ba ce, wanga ɗan katin ne da bai kai farcen yatsa ba.

Ka ɗauki allon makarantar allo. Ana rubutu, a wanke, a sake rubutu, a wanke, yau da gobe fuskar allon tana siɗewa har tawada ta daina zama da kyau. Cikin katin akwai ƙananan ɗakuna biliyoyi, kowane yana riƙe ɗan caji na lantarki, cajin nan shi ne bidiyonka. Duk lokacin da za a goge a sake rubutawa sai an tura wuta mai ƙarfi ta ratsa wani siririn bango da ke tsare cajin, kuma kowace ratsawa tana ɗan cin bangon. In an yi ta yi, bangon sai ya fara yoyo, ɗakin ya kasa riƙe abin da aka zuba mishi. Karantawa kusan ba ta cin kati, rubutu da gogewa ne ke cin shi. Shi ya sa katin da ke cikin salularka zai yi shekara biyar lafiya lau, ka zuba hotuna da karatu da wa'azi sau ɗaya ka yi ta saurare, ƙila duk rayuwarshi bai cika aka goge shi sau ashirin ba. Kamara kuwa ba ta da aikin da ya wuce rubutu, in kati ya cika ta goge mafi tsufa ta ɗora sabo, abin da suke rubutawa Loop Recording cikin saiti.

To sau nawa ɗaki ke jurewa? Ya danganta da yawan abin da aka cusa mishi. Akwai irin da ake kira MLC, yana ɗaukar wajen sau dubu uku ko fiye. Akwai TLC, shi ne ya fi yawa yanzu, mai kyau yana kai dubu ɗaya zuwa dubu uku. Sai QLC da ƙananan katunan masu arha, waɗanda ƴan ɗaruruwa ne zuwa dubu ɗaya in an yi sa'a. Dalilin bambancin ba wuya, in aka ce ka duba tiya ka faɗi cike take ko babu komi, ko da dare za ka gane. In aka ce ka rarrabe mata mataki goma sha shida na cika, hatsi kaɗan ya zube lissafi ya ɓace. QLC haka yake, mataki 16 na caji cikin ɗaki guda, TLC mataki 8, MLC mataki 4. Yawan matakin ne ke sa jiga ya yi arha, shi ne kuma ke sa ɗan yoyo kaɗan ya ɓata komi.

Mu yi lissafin motarka

Kamara mai ido biyu, gaba da baya, mai ɗaukar 1080p, yawanci tana rubuta wajen jiga 10 a awa guda. Wata ta ɗan gaza wata ta ɗan wuce, kuma kana iya auna taka da kanka, ka sa katin a odinater ka duba nauyin guntun bidiyo guda na minti uku, na gaba da na baya, ka haɗa su ka ninka sau ashirin, shi ne na awa ɗaya. Kati mai jiga 32 abin da ke cikinshi na gaske wajen 29 ne zuwa 30, wato cikin awa uku ya cika ke nan. Tahiya ɗaya daga nan ka bi ta Tasawa ka isa Damagaram, da tsaye-tsayen hanya da sauke fasinja, ka riga ka zagaye katin sau ɗaya da wani abu.

Da a ce awa goma kake aiki a rana ka kashe, da sau uku da ɗan kai ne, wajen sau ɗari a wata. Amma ka ce tana kwana tana ɗauka, to nan ne maganar take. Awa 24 sau jiga 10, jiga 240 ke nan kowace rana, katin yana cika ana goge shi sau takwas. A wata sau 240. Wata huɗu ka kusa dubu. Ka ga inda wata uku zuwa huɗun naka ya fito, ba tsautsayi ba ne ba kuma hannu aka sa maka ba, daidai inda kati na yau da kullum ke gajiya ke nan. Kuma lissafin nan ma na yi mishi sauƙi ne, don katin ba ya iya goge ɗan wuri kaɗan, sai babban yanki gaba ɗaya, kamar ka so gyara kalma guda amma dole ka wanke allon duka ka sake rubuta sauran. Kamara mai ido biyu tana rubuta bidiyo biyu lokaci guda, abin yana cakuɗewa, sai katin ya riƙa kwashe kaya daga nan zuwa can a ɓoye, rubutun da yake yi a ciki ya fi wanda kamara ta aiko mishi.

Sai ka ƙara da zafi. Kamara tana manne jikin gilashin gaba, wurin da ya fi ko'ina zafi cikin mota, ka tuna watan Afrilu da Mayu nan garin da inuwa ma ta wuce digiri 40, ka bar mota a tasha da azahar gilasai rufe, in ka taɓa kamarar sai ka janye hannu. Zafi yana sa cajin nan ya zurare da sauri, tsohon katin da bangonshi ya riga ya siɗe shi ne ya fi jin jiki. Na lura da kyau, bazara ce lokacin da aka fi kawo mini matattun katuna.

Abin da ke bisa kwali da ba shi ne ba

Yawancin mutane in sun je saye lambobin da suke dubawa su ne Class 10, U3, V30, A2, ko wani babban 100MB/s da aka rubuta da jan launi. Duk waɗannan gudu ne suke faɗi, ba juriya ba. U1 yana nufin ba zai gaza mega 10 a daƙiƙa ba wajen rubutu, U3 da V30 mega 30, A1 da A2 kuwa don salula aka yi su. Kamararka mai cin jiga 10 a awa ba ta kai mega 3 a daƙiƙa ba, ka ga gudu bai taɓa zama matsalarka ba. Kati zai iya zama mai gudun tsiya kuma ya mutu cikin wata uku. Su kansu kamfanonin sun sani, SanDisk alal misali ya rubuta cikin sharuɗɗan garantinshi cewa katunanshi na yau da kullum garanti ba ta rufe su in an sa su cikin kamarar mota ko ta tsaro mai ɗauka ba tsayawa.

Abin da za ka nema shi ne kalmar Endurance bisa kwalin, tare da adadin awoyin ɗauka da suka rubuta. Irin waɗannan katunan an zaɓa musu ɗakuna masu juriya, an tanadi wani ɓangare a ɓoye na maye gurbin ɗakunan da suka mutu, kuma ɗan injin da ke cikinsu ya fi iya raba rubutu ko'ina don kada wuri ɗaya ya cinye kafin saura. An kuma yi su su yi aiki har zafin digiri 85.

Amma nan ne nake son ka tsaya da kyau, don na ga mutane da yawa sun sayi mai Endurance sun dawo da fushi. Kalmar kaɗai ba ta isa ba, awoyin za ka karanta, kuma awoyin suna bin girman katin. SanDisk High Endurance mai jiga 32 awa 2,500 suka rubuta mishi, mai 64 awa 5,000, mai 128 awa 10,000, mai 256 awa 20,000. Raba 2,500 da 24, kwana ɗari da huɗu ke nan. Wato in ka sayi wanga mai jiga 32 ka sa a motarka yadda take kwana ɗauka, alkawarin kamfanin ma wata uku da rabi ne, ƙila ya wuce haka, amma in ya mutu sai ka ce an cuce ka alhali abin da aka rubuta ne ya faru. Awoyin nan sun lissafa su ne bisa bidiyon da ke cin wajen jiga 11 da rabi a awa, kusan daidai da taka, shi ya sa ta fuskar nauyin bidiyo kai kana iya ɗaukar lambar yadda take.

Akwai aji na sama da wannan. SanDisk Max Endurance mai jiga 64 awa 30,000 ne, mai 128 awa 60,000, wato ya kusa shekara bakwai dare da rana. Samsung PRO Endurance, fitowar 2022, mai 64 awa 35,040, mai 128 awa 70,080, shekara takwas cif, mai 256 kuwa awa 140,160. Domi babban kati ke daɗewa? Don jiga 240 ɗin nan naka na kullum, bisa kati mai 32 zagaye takwas ne, bisa mai 128 zagaye biyu ne kawai. Aiki ɗaya ne amma an raba shi ga ɗakuna ninki huɗu.

Saboda haka da ni ne ke jan motar nan, mai jiga 128 zan saya cikin ajin sama, Max Endurance ko PRO Endurance, bayan na duba littafin kamarar na tabbata tana karɓar 128, don wasu tsofaffi suna tsayawa a 32 ko 64. In kuɗɗi ba su kai ba, High Endurance mai 128 amma ka hana ta kwana ɗauka, awa goma a rana bisa awa 10,000 kwana dubu ne, ya kusa shekara uku. Kuma babban kati yana da wani amfanin da ya fi ma wanga, mai 128 yana riƙe maka wajen awa goma sha biyu na baya. In wani abu ya faru da safe wajen Gazawa, jandarma suka nemi gani da yamma, yana nan. Bisa mai 32 kafin azahar an riga an rubuta wani abu kanshi.

Maganar kwanan dare, ka shiga saiti wajen Parking Mode. In akwai zaɓin Time Lapse ko Low Bitrate ko Motion Detection ka ɗauki ɗaya, za ta ci gaba da gadin motar amma rubutun zai ragu ƙwarai. Ni na fi son Time Lapse, mai ɗaukar hoto ɗai-ɗai da ɗan tazara tsakani, ga motar da ke kwana tasha, don Motion Detection a wurin da mutane da awaki ke wucewa kullum kusan ba ta hutawa.

Kamarar shagon ƙanenka

Ita lissafinta daban ne kuma ya fi sauƙi. Ƙananan kamarorin nan na wifi masu ɗaukar kati yawanci ba su wuce jiga ɗaya zuwa biyu a awa ba, wato jiga 24 zuwa 48 a rana. Sau biyar zuwa goma ke nan ƙasa da na mota, don haka High Endurance mai jiga 64 ko 128 ya ishe ta shekaru, ba sai ya kashe kuɗɗi a ajin sama ba. Abin da zai duba shi ne kwana nawa yake son ya iya komawa baya. In kamarar na cin jiga 20 a rana, mai 64 kwana uku ne, mai 128 kwana shida. Mai shago sau da yawa ba ya gane kaya sun ɓace sai ranar da ya yi lissafi, ni dai 128 nake sa musu.

Maƙiyin katin shago na biyu ɗaukewar kuran ne. In wuta ta yanke daidai lokacin da katin ke rubutu, guntun bidiyo na ƙarshe yakan lalace, wani lokaci ma teburin da ke nuna inda kowane bidiyo yake ya rikice, kamara ta ce a yi formate. Ƙaramin batiri ko ondiler ko sola tsakanin kamarar da wutar gari yana raba ka da wagga matsala. A mota ma haka ne, kada ka zare kati kamara na kunne, ka kashe kamarar ka jira fitilarta ta mutu tukuna.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da katin shago shi ne yana mutuwa shiru. Taka kamarar aƙalla tana ƙara tana rubuta Card Error. Akwai wani mai shagon saida salula da aka fasa wa shago da dare, ya kira ni da asuba hankali tashe mu duba. Kamara na kunne, fitila na ƙyaftawa, a salularshi yana ganin cikin shagon kai tsaye kullum, shi ya sa bai taɓa zargin komi ba. Da muka buɗe katin, bidiyo na ƙarshe na wata biyu da suka wuce ne. Katin ya gaji ya kulle kanshi, yana bari a karanta amma ba ya karɓar sabon rubutu. Ganin kai tsaye ba ya bi ta kati, don haka ba shaida ba ne cewa ana ajiyewa. Har yau abin yana damuna, mutumin ya yi duk abin da ya kamata ya yi, ɗan katin ne kawai. Tun daga ranar duk wanda na sa wa kamara sai na ce mishi kowace Juma'a ya buɗe bidiyon jiya ya kalla ko na minti ɗaya ne.

Yadda za ka gane mataccen kati da mai sauran rai

Katunanka uku na baya in suna nan kada ka yar tukuna. Sa ɗaya a odinater, goge bidiyo guda ko ka yi mishi formate, cire ka mayar. In ka ga abin da ka goge ya dawo yana nan daram, katin ya kulle, ya gama aiki, ka kwashe abin da kake so ciki kawai, babu manhajar da ke buɗe shi kuma babu mai gyara da zai gyara maka, kada ka ba kowa kuɗɗi. In kuwa ya gogu lafiya, ka duba wani babban fayil da yawanci ake sa wa suna RO ko Event ko EMR. Kamarar mota tana da abin jin girgiza, G-Sensor, duk lokacin da ta ji bugu sai ta kulle bidiyon wurin don kada a goge shi. A hanya mai ramuka da kwanta-kwanta kowane rami haɗari ne a wurinta, sai kulallun bidiyo su cika katin, ta rasa wurin rubutu ta kama ƙara. Wanga ba mutuwa ba ce, ka mayar da G-Sensor bisa Low ka yi formate shi ke nan. Alamun kati mai shirin tahiya kuma su ne bidiyo mai tsalle, minti biyu ko uku su ɓace tsakani, wani guntun ya ƙi buɗewa, ko kamara ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta.

Formate ɗin a cikin kamarar za ka yi shi, ba a salula ba, ranar da ka sa sabon kati da kuma sau ɗaya a wata. Ba ya mayar da ɗakunan da suka cinye, kada wani ya gaya maka haka, yana dai share rikicin teburi da kulallun bidiyo. Kati mai jiga 64 zuwa sama yana zuwa da tsarin exFAT, wasu kamarori FAT32 suke so, in ka sa sabo ta ƙi shi kada ka yi saurin cewa jabu ne, ka bari ta yi mishi formate da kanta.

Jabun kuwa akwai shi, da yawa ma, har da masu kwalin Endurance mai kyan gani. Abin da suke yi shi ne su ɗauki ƙaramin kati mai jiga 8 ko 16 su sa shi ya riƙa faɗin 128 ne. A kamara wanga shi ne mafi muni, don sunayen bidiyo duk za ka gan su jere amma in ka taɓa ba su buɗewa. Da ido ba ka iya ganewa, ni ma ba na yarda da idona. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw ta Windows, ka sa katin ba komi ciki, ka danna Write + Verify, za ta cika shi tab ta sake karantawa. Mai 128 na gaske zai nuna wajen jiga 119 ba kuskure ko ɗaya, na jabu zai fara zubo kuskure da zarar an wuce girmanshi na gaskiya. Tana ɗaukar awa ɗaya zuwa biyu, don haka ka yi sharaɗi da mai shago tun wajen ciniki cewa za ka gwada, in ya faɗi ka mayar mishi. Wanda ya ƙi wanga sharaɗi ka wuce gaba. Kuma in ka ga mai Endurance da farashin kati na yau da kullum ka ajiye shi, na gaske ya fi tsada a fili.

Awoyin da ke bisa kwali a ɗakin gwaji aka same su, ba bayan gilashin Hiyas cikin bazarar Maraɗi ba, ni ina raba su biyu in na yi wa mutum lissafi, kuma garantinsu ma daga nan mayar da kati ga kamfani ba abu ne mai sauƙi ba. Shi ya sa nake rubuta ranar da na sa kati bisa ƴar takarda in manna jikin kamarar, katin motar haya in ya yi shekara biyu zuwa uku in ce a canza ko yana aiki. Ka ajiye ɗaya daga cikin tsofaffin da suka ci gwaji cikin aljihun mota, ranar da Allah shi kiyaye wani abu ya faru a hanya, ka kashe kamara ka zare katin da ke ciki ka adana shi nan take, ka sa na ajiyar ka ci gaba da tahiya.